Shekarun da na yi ina jinyar hanci, ashe ciwon ɓarin kai ne

Sana'ata haɗa turaren wuta da humra, a nan Maradi, unguwar Zariya. Wajen Inna na gaje ta, ita ma wajen tata uwar ta koya. Duk wanda ya san ni shekarun baya da abu biyu ya san ni: turare da sinizit, wato ciwon ramukan hanci. Har ta kai in mace ta zo sayen turare ta tarar da ƙofar ɗakina a rufe da rana tsaka, ba ta tambaya, sai dai ta ce wa yara, "Sinizit ɗin ce ta tashi ko? Allah ya sawwaƙe," ta juya. Ni ma haka nake faɗa, maigidana ma haka, kuma ba mu ƙirƙiro sunan da kanmu ba, a gidan likita aka fara faɗa mana shi.

Ga yadda yake zo mini. Tun kafin ciwon ya bayyana sai in yi ta hamma ba dalili, wuyana ya sage ta baya, raina ya riƙa ɓaci da abin da bai kai ya kawo ba. Daga nan sai nauyi ya taru ƙarƙashin idona na dama, ya bi kunci, ya hau karan hanci, ya zauna a goshi saman gira. Kafar hancina ta dama ta toshe, wani ruwa fari tsinkakke ya riƙa zuba, idon ya yi ja yana hawaye, fatarsa ta ɗan kumbura. Haƙorana na sama su ɗauki zogi. In na sunkuya zan ɗauki wani abu, ko na kai goshi ƙasa a sujada, sai in ji fuskar za ta tsage. Zuciyata ta riƙa tashi, wani lokaci har in yi amai, mu kuwa muka ce majina ce ke gangarawa ciki tana tayar da shi. Ba na son haske, ba na son ƙarar daka daga maƙwabta, turaren da nake ci da shi kuwa ko daga nesa na shaƙe shi sai cikina ya juya. In shige ɗaki in ɗaure kai da kallabi tamau. Yini ɗaya, wani lokaci biyu, sai in yi barci mai nauyi in farka ya tafi, ya bar ni da kasala.

Wa zai ga wannan ya ce ba hanci ba ne? Ciwon a fuska yake, daidai inda kowa ke nunawa in ya ce sinizit. Hanci na toshewa, yana zuba. Ya fi tashi lokacin hunturu in hazo ya rufe gari, da ranar da na yini kan kasko ina soya itacen turare da sukari, hayaƙi na shiga mini hanci. Kowace alama tana nuna wuri guda.

Magani kuwa babu irin wanda ban sha ba. Sirace da ganyen turare da man zafi, in lulluɓa da zane har gumi ya jiƙa ni. Man habbatus sauda a hanci. Ƙaho a ƙeya. Sai uwa uba amoksisilin. Farko a takardar likita aka rubuta mini shi, daga baya na haddace sunan, da na ji nauyin ya fara sai in aiki yaro ya sayo. Abin da ya ƙara ɗaure ni gare shi shi ne ina sha ina samun sauƙi. In fara yau, jibi na miƙe ina aikina. An taɓa yi mini hoton radiyo na fuska, mai dubawa ya ɗaga shi ga haske ya nuna mini wani ɗan duhu a kuncin dama ya ce ga ta nan. Na adana hoton nan a ƙasan akwati kamar takardar gida, duk inda za ni neman magani da shi nake tafiya.

Abin ya sake kama bayan haihuwata ta ƙarshe. Da, ciwon kan zo ya tafi ya bar ni sarai. Sai ya zama kusan kullum da asuba ina farkawa da wani dundum a kai, ba mai kayarwa ba, amma ba ya barin mutum ya sake. In haɗiyi ƙwayar ciwon kai, irin mai haɗe da kafeyin da ake sayarwa ko'ina, ya lafa zuwa azahar, ya dawo. A kan wannan kuma babban ya riƙa zuwa ya kwantar da ni. Hancin ma ya zama ba ya buɗewa sai na ɗiga masa maganin ɗigo, ina da kwalba ƙarƙashin matashi, wata cikin jaka. Ganin haka maigidana ya ce tunda sinizit ɗin ta yi tsanani, mu je wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, in aiki ne a yi a huta. Da niyyar aiki muka tafi, har na yi wa Yaya sallama na bar mata yara.

Likitan dattijo ne, ba ya gaggawa. Na miƙa masa hoton radiyona, ya duba ya ajiye gefe. Ya haska cikin hancina da fitila, ya sa wani siririn ƙarfe ya leƙa can ciki, ya danna kuncina da goshina, ya duba maƙogwaro, ya auna hawan jini. Sannan ya zauna ya fara tambaya, kuma tambayoyin ba irin waɗanda na saba ji ba ne.

"Hajiya, in ya tashi, abin da ke fita hancinki wane launi ne?"

Na ce fari ne, ruwa-ruwa.

"Kin taɓa ganin shi kore ko ɗorawa, mai kauri, mai wari?"

Na ce sai dai in ina mura.

"Masassara fa? Jikinki na zafi?"

Na ce a'a.

"In aka kunna turare lokacin, kina jin ƙamshinsa?"

Na yi dariya na ce likita, ai ji nake ya wuce misali, shi ne ma ke kore ni daga tsakar gida. Ya gyaɗa kai ya rubuta. Ya ce mai sinizit na gaskiya ƙamshi raguwa yake yi gare shi ko ya ɓace ɗungum, domin hanyar a cushe take. Wanda ƙamshi ke yi wa yawa har ya tayar masa da zuciya, wannan wani abu ne daban. Ya tambayi tsawon lokacin da yake ɗauka, da ko yana hana ni aiki, da ko haske na damuna, da ko yana da alaƙa da al'adata. Wannan ta ƙarshen ban taɓa lura ba. Ya tambaya ko akwai mai irinsa a gidanmu. Na ce Inna, tun muna yara akwai ranakun da take rufe ɗaki ta ɗaure kai a hana mu wasa kusa, ana cewa iska ce. Ya ajiye alƙalami ya ce, "Hajiya, hancinki a kumbure yake, amma maganin ɗigon nan ne ya kumbura shi. Ban ga mugunya ba, ban ga tsiro ba, ban ga abin da zan yi wa aiki ba. Ciwon ɓarin kai gare ki, migiren. An bar jaki ana ta dukan taiki."

Maigidana ne ya yi gardama kafin ni. Ya ce, "Likita, ai ba kanta ke ciwo ba, fuskarta ce. Kuma ga hoto." Amsar da ya ba mu ita ce dalilin wannan rubutu, don haka zan faɗe ta a tsanake yadda na fahimce ta.

A cikin ƙashin fuska akwai ramuka masu iska, biyu-biyu: a kunci, a goshi, tsakanin idanu, da can ciki bayan hanci. Kowane yana da ƴar ƙofa da majinarsa ke bi ta fita zuwa hanci. In mura ta kumbura wurin, ƙofar ta toshe, majina ta taru, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama, wannan ita ce sinizit. Cuta ce ta gaske, kuma tana sa ciwon fuska. To amma jijiyar da ke ɗaukar jin zafi daga waɗannan ramuka ba tasu ba ce su kaɗai. Babbar jijiya ce guda a kowane ɓarin fuska, mai rassa uku: ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kunci da hanci da haƙoran sama, ɗaya muƙamuƙi. Reshen farko shi ne kuma ke kula da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jinin da ke cikinta. Ciwon ɓarin kai daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, ya harzuƙa wannan jijiya. Da yake duk saƙon zafi wuri ɗaya yake taruwa, mutum ba ya iya bambance inda ya fito. Sai ya ji shi a kunci, ko bayan ido, ko a haƙori, alhali ƙashin da ramukan lafiyarsu lau.

Toshewar hancin da hawayen fa? Ya ce ita wannan jijiya in ta harzuƙa tana taɓo wasu jijiyoyin da aikinsu sakin hawaye da ruwan hanci, kamar yadda in ƙura ta faɗa wa mutum a ido hawaye ke zuwa ba da izininsa ba. Jijiyoyin jinin cikin hanci su buɗe, naman ya kumbura, kafar ta toshe, ruwa fari ya zubo. Kusan rabin masu ciwon ɓarin kai suna samun irin wannan alama ko ɗaya. Ke nan hancin nawa da gaske yana toshewa, ba ƙarya nake ji ba, sai dai ciwon ne ke toshe shi, ba toshewar ke kawo ciwon ba. Batun sunkuyawa ma bai raba gardama, domin kowane motsi yana ƙara ciwon ɓarin kai, ko hawa matakala ne ko sujada. Hazo da canjin yanayi da ƙamshi mai ƙarfi kuwa suna cikin sanannun abubuwan da ke tayar da shi.

Game da hoton, cewa ya yi hoton radiyo na fuska ba abin dogaro ba ne sosai. Ko sikana, wadda ta fi shi nesa ba kusa ba, in aka ɗauki mutanen da ba su da wani ciwo aka yi musu, da yawansu za a ga ɗan kauri ko duhu a ramukan nan, musamman wanda bai daɗe da yin mura ba. Ganin duhu a hoto bai nuna cewa shi ne ke kawo ciwon ba. Ya ƙara da cewa ba ni kaɗai ba ce, kuma ba a nan kaɗai ba. A Amurka, a shekarar 2004, an buga wani bincike kan mutane kusan 3,000 da suka ce ciwon kansu na sinizit ne, ko likita ya faɗa musu haka. Da aka bi alamominsu ɗaya bayan ɗaya, 88 cikin 100 ciwon ɓarin kai ne ke damunsu. Can da suke da na'urori iri-iri ke nan.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai amoksisilin ne. Na ce, "To likita, in ba ƙwayar cuta ba ce, me ya sa nake warkewa in na sha?" Ya ce, "Kin taɓa gwada ƙin sha ki gani?" Ban taɓa ba. Ya ce ciwon ɓarin kai in ya tashi, ko ba a sha komai ba, tsakanin awa 4 zuwa 72 yake yi ya sauka da kansa. Duk abin da mutum ya sha a ranar farko, shi zai ba lada a rana ta uku. Haka maganin mura da nake haɗawa da shi, akwai farasitamol a ciki, shi ke rage zafin, sai a ɗauka buɗe hancin ne ya yi aiki. Wannan magana ta zauna mini, domin tun ina budurwa, kafin in san sunan wani magani, ciwon kwana biyu yake yi ya tafi.

Bai ce in yarda da shi nan take ba. Cewa ya yi in samu kayen lakwal in riƙa rubutawa har wata biyu: ranar da ya tashi, ɓarin da ya kama, lokacin da ya fara da lokacin da ya sauka, launin abin da ya fita hanci, ƙwayar da na sha, ranar da al'ada ta zo, da abin da na yi kafin nan. Babbar ɗiyata ce ta ja mini layuka. Abin da kayen nan ya nuna ya fi duk bayanin likita shiga kaina, domin hannuna ne ya rubuta. Mafi tsananin ciwon yana faɗowa ne kwana ɗaya ko biyu kafin jini ya zo, ko a ranakunsa na farko, wata bayan wata. Sauran kuma ranakun da na kwana ina aikin turaren biki ne, na yi barci kaɗan, na wuce karin kumallo, na yini gaban wuta ban sha ruwan kirki ba. Hayaƙin shi kaɗai ba kullum yake tayar da shi ba. In na yi barci na ƙoshi, sai in soya turare lafiya. In ya haɗu da yunwa da rashin barci, to ranar sai ɗaki. Wani abin mamaki, akwai lokacin da ya kama ɓarin hagu, inda hoton bai nuna komai ba. A layin launin majina kuwa, daga sama har ƙasa "fari" na rubuta.

Layin ƙwayoyi shi ne ya fi muni, domin ranakun da na sha maganin ciwon kai sun haura rabin wata nesa. Likitan ya ce wannan shi ne tushen dundum ɗin asuba. Mai ciwon ɓarin kai in ya riƙa shan farasitamol ko ibuforofen kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata uku, maganin da kansa yana koma masa ciwon kai na kullum. In mai haɗi ne, irin mai kafeyin ko kodin ko taramadol, kwana 10 a wata ma ya isa. Maganin ɗigon hanci shi ma haka: bai kamata a wuce kwana uku zuwa biyar ana sa shi a jere ba, in an zarce sai hancin ya riƙa kumbura duk lokacin da ƙarfinsa ya sauka, a sake ɗigawa, a yi ta zagaye.

Barin su ne ya fi komai wuya a duk wannan tafiya, kuma gara in faɗi gaskiya don kada wata ta fara ta ɗauka cutar da ita aka yi. Ya gargaɗe ni cewa makon farko zuwa na biyu ciwon ƙaruwa zai yi. Ya ƙaru kuwa. Na yi kwanaki ina kwance, ina numfashi da baki da dare saboda hanci ya rufe gam, leɓɓana suka bushe. Inna ta zo dubiya ta ce, "Ke ƴar nan, wane irin likita ne wannan mai hana mara lafiya magani?" Ruwan gishiri kawai aka yarda in wanke hanci da shi, da wani feshi daban da ya rubuta mini na ɗan lokaci don kumburin ya sauka. Wajen mako na uku na farka wata safiya na ji kaina wasai, har na tsaya ina jiran ciwon, bai zo ba.

Tsarin da ya ɗora ni a kai kashi biyu ne. Na farko na lokacin da ciwon ya taso: ibuforofen miligiram 400 da wuri, tun nauyin yana ƙarami, da abinci ko kaɗan a ciki, in kuma zuciya na tashi in haɗa da maganin amai, metokulofiramid miligiram 10. Ya nanata maganar wuri, domin in ciwon ya kankama ciki ba ya narkar da ƙwaya yadda ya kamata, ni kuwa da jira nake sai na ga ba makawa. Sharaɗin shi ne kada ya wuce kwana biyu a mako. Kafin ya rubuta ya tambaya ko ina da gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko juna biyu, domin waɗannan ba su jituwa da ibuforofen. Ya ambaci wani da aka yi musamman don wannan ciwo, sumatiriftan, ya ce in wancan ya gaza sai a koma gare shi, amma ba a ba mai ciwon zuciya ko mai hawan jinin da bai daidaita ba.

Kashi na biyu na rigakafi ne, wanda ake ba wanda ciwon ke kayarwa kwana huɗu ko fiye a wata. Amitiriftilin ya ba ni, na ɗigo, kowane ɗigo miligiram ɗaya. Na fara da 10 da dare, aka riƙa ƙarawa a hankali har 25. Makonnin farko asuba na yi mini nauyi, bakina na bushewa, sai ya ce in riƙa sha tun bayan magariba maimakon dab da barci, hakan kuwa ya gyara. Ya ce kada in yanke masa hukunci kafin wata biyu zuwa uku, kuma kada in sa ran ciwon zai ɓace gaba ɗaya. In ya ragu da rabi, maganin ya yi aikinsa. Nawa ya ragu fiye da haka. Yana zuwa har yanzu, galibi wajen al'ada, amma in na tare shi da wuri awa biyu zuwa uku ya sake ni. Ya kuma tambaye ni ko nakan ga walƙiya ko zane mai kaɗawa a ido kafin ciwon. Ni ba na gani. Ya ce macen da ke gani ta faɗa wa ungozoma kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estirojin, domin haɗuwarsu na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Allah da ikonsa, hunturun da ya biyo baya sai na yi sinizit ta gaskiya, na ga bambancin da jikina. Mura ce ta zagaye gidan, yara suka kawo ta daga lakwal. Na yi kusan mako, na fara samun sauƙi, sai ta dawo da ƙarfi fiye da farko, da masassara. Majinar ta koma kore mai kauri, tana gangara mini ta maƙogwaro da ɗanɗano mara daɗi, bakina na wari. Kuncina na hagu ya yi nauyi, in na danna da yatsa zafi, haƙoran sama na wannan ɓarin suna tsami in na taka ƙasa da ƙarfi. Na buɗe kwalbar humra na kai hanci, ban ji komai ba, ni da ke rarrabe farce da sandal daga ƙofar gida. Amma zuciyata ba ta tashi ba, haske bai dame ni ba, na zauna tsakar gida da rana yara na surutu ban ji wani abu ba. Kuma bai zo ya tafi ba, zama ya yi daram, dare da rana, barci bai kore shi ba. Majo na gidan likitan unguwarmu ya fara yi mini gwajin masassarar cizon sauro, bai nuna komai ba. Ya ce yawancin irin wannan da kanta take warkewa ba sai da maganin kashe ƙwayar cuta ba. Ana ba da shi ne in ta wuce kwana 10 ba sauƙi, ko ta yi sauƙi ta sake dawowa da tsanani kamar tawa, ko ta zo da zazzaɓi mai zafi da mugunya a hanci tun farko. Wannan karon amoksisilin ɗin ya samu abin da zai yi wa aiki, na sha shi har ƙarshe yadda aka rubuta.

Akwai kuma ciwon kai da ba a tsayawa tantance hanci ne ko ɓarin kai, likitan ya sa na maimaita masa su har na riƙe. Wanda ya faɗo lokaci guda da tsananin da mutum bai taɓa ji ba. Wanda ya zo da masassara da sanƙarewar wuya, mu da muka san sanƙarau a ƙasar nan lokacin zafi da ƙura. Wanda ya zo da mutuwar hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki, ko ruɗewar magana, ko farfaɗiya. Kumburi da ja kewaye da ido, ko ganin abu biyu-biyu, ga mai mura, domin sinizit na iya tsallakawa zuwa ido. Ciwon kai mai tsanani ga mai juna biyu. Da sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50 bai taɓa yin irinsa ba. Waɗannan a ranar ake kai mutum asibiti, ko da kabu-kabu ne.

Sana'ata ban bar ta ba, ko da yake dangi da yawa sun ce in bari. Na dai sake mata tsari. Kaskon ya koma bayan gida inda iska ke kaɗawa, suya da sassafe bayan na ci abinci, buta cike da ruwan sha kusa da ni. Aikin biki ba na karɓar na gaggawa da zai sa in kwana ido biyu, in amarya ba za ta iya jira ba ta nemi wata. Ranakun da kaye ya nuna al'ada na gabatowa, yarinyar da nake koya wa ita ke tsayawa kan wuta, ni in yi aikin awo da ɗurawa. Azumi ne ya rage mini da ɗan wuya, musamman kwanakin farko. Na rage shayi da kofi tun cikin Sha'aban don kada jiki ya neme su da rana, ina jinkirta sahur ina cika shi da ruwa, ɗigon dare kuma ba na fasawa.

Ɗiyata ta biyu ta fara irin nata bara, ita ma a goshi da bayan ido, da hawaye. Kakarta ta ce a kawo man zafi a yi mata sirace, babanta ya ce a kai ta hoto. Na tambaye ta launin abin da ke fita hancinta, da ko ƙamshi na damunta, da ko tana son a rufe taga. Ta ce fari ne, ta ce in fitar da kaskon turaren daga ɗaki, ta ja mayafi ta rufe ido. Washegari na saya mata nata kayen, muka ja layuka, bayan wata biyu muka tafi da shi wajen likita. Ya karanta, ya auna ta, ya ce nata bai kai na maganin kullum ba tukuna, ta kiyaye barci da karin kumallo kafin lakwal, ta sha ƙwaya da wuri in ya taso, mu dawo bayan wata uku.